Taswirata ta fito baƙa ƙirin, kuma yankin da ke tara ruwan ya ƙi fitowa: a taimaka

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Don Allah ina neman taimakon masana. Ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu can wajen Bichi suna so a haƙa ɗan tafki na dabbobi da ɗan noman rani, da yake ni na ɗan taɓa aikin safiyo sai suka ce in duba musu inda ruwan sama yake taruwa da kuma faɗin ƙasar da ke zubo ruwa wajen. Na sauke DEM, wato taswirar tsayin ƙasa, ta SRTM mai mita 30, na buɗe a manhajar QGIS, na yi `Fill sinks` don cike ramuka, na bi da `r.watershed` don ganin taruwar ruwa, to matsala biyu ce. Ta farko hoton taruwar ruwan ya fito baƙi ƙirin sai wani siririn zare fari a can ƙasa. Ta biyu da na sa ɗigo a bakin rafin da nake so, `r.water.outlet` mai zana yankin da ke zubo ruwa wajen ya ba ni wani ɗan fili fiksel 14 kacal, alhali rafin nan a watan Agusta babban mutum ba ya iya tsallake shi. Ina na kuskure?

Maman Sadik: Wa alaikumus salam Malam. Baƙin nan ba kuskure ba ne, haka yake fitowa. Kowane fiksel lambar da ke cikinsa ita ce adadin fiksel ɗin da ke sama da shi waɗanda ruwansu ke biyowa ta kansa, to yawancin ƙasa tudu ce da gangare, lambarsu 1 ce ko 3 ko 10, sai babban rafi shi kaɗai ya kai dubu hamsin ko fiye. In kwamfuta ta shimfiɗa kala daga 1 zuwa dubu hamsin ai duk ƙananan sun zama baƙi. Ka shiga `Raster Calculator` ka sa wannan:

```
log10(abs("accum@1") + 1)
```

za ka ga rafuka sun fito kamar jijiyoyin ganye, har ƙananan kwazazzabai.

Baban Ummi: Allahu akbar, Hajiya ya fito! Ga rafin namu nan har da reshensa da ya biyo ta bayan makabarta. Na gode sosai. Saura ta biyun.

Injiniya: Baban Ummi kafin ta biyun, a wane ma'auni DEM ɗin naka yake? Duba ƙasan sikirin ta dama, in ka ga EPSG:4326 to da digiri kake aiki ba da mita ba, kuma duk lissafin faɗin ƙasa da za ka yi nan gaba zai ba ka wahala. A ma'aunin UTM mai aiki da mita, Bichi tana cikin yankin 32N, daga digiri 6 zuwa 12 gabas, wato Kano, Katsina, Kaduna, Maraɗi, Damagaram duk a ciki suke. Masu Sakkwato da Yamai 31N ne nasu, Maiduguri kuma 33N. Ka juya shi haka:

```
gdalwarp -t_srs EPSG:32632 -tr 30 30 -r bilinear dem.tif dem_utm.tif
```

Ka kula da `bilinear` ɗin nan, kar ka bar shi a `near`, don in ka bar shi za ka ga wasu layuka-layuka a tsaye da a kwance sun bayyana a ƙasar, ruwan ya riƙa bin su kamar kunyar gona, alhali babu su a fili. Bayan haka kowane fiksel mita 30 ne sau 30, murabba'in mita 900 kenan, fiksel 11 kusan hekta ɗaya, fiksel 1,111 kilomita ɗaya murabba'i. Riƙe wannan a ka, da shi za ka riƙa gane ko amsar da aka ba ka ta hankali ce. Fiksel 14 ɗinka hekta ɗaya da kwata ne, ko gonar mutum ɗaya ba ta kai ba.

Baban Ummi: Gaskiya 4326 ne ranka ya daɗe. Na juya yanzu na sake komai, amma har yanzu ɗan mitsitsin fili yake ba ni, wannan karon ma fiksel 9.

Injiniya: To ɗigon naka ne bai hau kan rafin ba. Kai ka ɗauko lambar wajen da GPS na waya ko daga hoton tauraron ɗan Adam, daidai ne a fili, amma rafin da kwamfuta ta zana ba lallai ya kwanta daidai kan na gaskiya ba, yakan goce da fiksel ɗaya ko biyu, mita 30 zuwa 60 kenan. In ɗigonka ya faɗi a fiksel ɗin gefe to ruwan gaɓar rafin kawai zai ƙirga maka. Ka zuƙo hoton sosai har ka riƙa ganin fiksel ɗaiɗai kamar ramukan dara, ka ɗauki `Identify Features` ka riƙa danna su a kusa da ɗigon, za ka ga 6, 9, 14, sai kwatsam ka ga dubu da wani abu. Tsakiyar wannan fiksel ɗin za ka ba shi.

Baban Ummi: Na samu, fiksel biyu ne yamma da inda na sa, lambarsa 1,900. Yanzu yankin ya fito da siffa kamar ganyen mangwaro, hekta 171 in na lissafa daidai. Sai dai akwai abin da bai kwanta min ba, gefensa na arewa ya miƙe sambal kamar an sa rula, daidai kan titin kwalta. Ni kuwa na san ruwan hayin titi yana shigowa rafinmu, tun muna yara muke wasa a cikin kwalbatin nan.

Ɗan Rijiya: Salam, afuwan na shigo a tsakiya. Ni ma abin da nake nema kenan, sau biyu muna haƙa burtsatse a unguwarmu ba ruwa, kuɗi sun tafi a banza. Kenan in na yi wannan taswirar duk inda ya yi fari nan ne ruwa yake a ƙasa sai a haƙa?

Maman Sadik: A'a ɗan'uwa, wannan ruwan sama ne da ke gudu a bayan ƙasa, bai san komai ba game da abin da ke ƙarƙashi. A ƙasa irin ta Kano da dutse ne a ƙasa, ruwan burtsatse a tsagar dutse yake da kuma inda dutsen ya ruɓe, masu awon ƙasa da wutar lantarki su ke nemo shi. Wani lokacin dai rafi yakan bi tsagar dutse, to taswirar za ta iya nuna maka inda za a fara awon, amma kar ka kira mai injin haƙa a kanta kaɗai.

Ɗan Rijiya: To madalla, na gode Hajiya, da na sake jefa mutane cikin asara.

Sabon Digiri: Game da maganar titin, ni a ganina bai cike ramukan da kyau ba ne. Mu yadda aka koya mana dole ne a fara da cike duk wani rami tukuna, sannan alkiblar ruwa, sannan taruwa. In an cike da kyau ruwa ba ya tsayawa ko'ina, zai haura titin ya wuce. Yaya ka sake yin `Fill sinks (Wang & Liu)` ka ga.

Injiniya: Ƙanena rabin maganarka daidai ce. In aka cike, ruwa zai haura titin, amma a ina zai haura? Nan ne gizo ke saƙa. Ita DEM daga sama ake ɗaukarta, tana ganin bayan titi a matsayin doguwar ganuwa, ba ta ganin ramin kwalbatin da ke ƙarƙashi. To in ka ce a cike, sai kwamfuta ta yi ta ɗaga ƙasar da ke bayan titin kamar ana zuba ruwa a kwano, har sai ya kai wurin da titin ya fi sauka, ta nan zai tsallake. Wurin nan zai iya zama nesa da kwalbatin da rabin kilomita, kuma in ya tsallake a can wani rafin daban zai faɗa. Shi ya sa iyakar Baban Ummi ta miƙe a kan kwalta, an kwashe masa ruwan hayi gaba ɗaya an ba maƙwabta. Ƙara cikewa ba zai gyara ba, cikewar ce ma ta kawo shi. Kuma `r.watershed` na manhajar GRASS ba ya ma buƙatar a cike masa, yana neman hanya mafi sauƙi ne ya ratsa ramin ya fita, in ka ba shi cikakkiyar DEM ka ɓata masa bayanin da yake aiki da shi. Na ArcGIS ne da irinsa suke son a fara cikewa.

Baban Ummi yi wannan gwajin, shi ne ma ainihin amsar tambayarka ta farko ta inda ruwa ke taruwa. Ɗebe asalin DEM daga wadda ka cike:

```
"dem_fill@1" - "dem_utm@1"
```

Duk inda ya ba da sifili ba a taɓa ba, duk inda ya fi sifili rami ne, kuma lambar ita ce zurfinsa da mita. Mutane da yawa suna ɗauka taswirar taruwar ruwa tana nuna inda ruwa ke kwanciya, a'a, inda yake wucewa take nunawa. Inda yake kwanciya kuwa shi ne abin da kuka shafe da hannunku tun a matakin farko.

Baban Ummi: Kai! Injiniya wallahi kamar kana wajen. Ga wani ƙaton tabki ya fito a bayan titin, ya kai hekta 30, zurfinsa a tsakiya kusan mita 3, kuma wajen nan gonakin gero ne da gyaɗa, ban taɓa ganin ruwa ya kwana a ciki ba. Ya tsallake titin ne can gabas wajen da ake ajiye shanu ranar kasuwa, kamar mita 600 daga kwalbatin. Sannan akwai wani ƙarami a kudu da gari, fiksel 22, wannan kam na gaske ne, kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini tun zamanin kakanni, har Disamba akwai ruwa a ciki yara na kama tarwaɗa.

Injiniya: Yauwa. Ka ga ramuka biyu kenan, a sikirin kamanninsu ɗaya, ɗaya ƙarya ɗaya gaskiya, kuma ba wata manhaja da za ta bambance maka su sai wanda ya san ƙasar. Na ƙaryar yanka shi za ka yi, na gaskiyar kuma ka bar shi. Ka zana ɗan gajeren layi da ya ratsa titin daidai kan kwalbatin, ka fara daga ɓangaren da ruwa ke shiga ka ƙare a inda yake fita, ka tabbata kowane kai ya sauka cikin rafin ba a kan kafaɗar titi ba, sai:

```
r.carve raster=dem_utm vector=kwalbati output=dem_yanke width=30 depth=3
r.watershed -s elevation=dem_yanke accumulation=accum drainage=drain stream=rafi threshold=300
```

A kan asalin DEM fa, ba wadda aka cike ba. Shi kuma kududdufin, akwai gurbi a `r.watershed` mai suna `depression`, in ka ba shi taswirar kududdufin zai ɗauka duk ruwan da ya shiga nan ya tsaya. Amma sai ka yi tunani, in yana cika ya tumbatsa a tsakiyar damina to a lokacin babban ruwa ba ya tare komai.

Na Maraɗi: Sannunku da aiki. Ni abin da zan ƙara, Malam ka duba ko DEM ɗinka ta isa faɗi. Ni na taɓa yin aiki kan Gulbin Maraɗi ina ɗalibi, na yanke DEM daidai kan iyakar Nijar don in rage nauyi ma na'ura, alhali gulbin daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya biyo ta madatsar Jibiya kafin ya shigo wajenmu, ya kuma koma Najeriya ya haɗu da Rima. Ruwa bai san iyaka ba, sai na samu yanki wanda bai kai rabin na gaskiya ba. Abin da ya tona asirin shi ne lambobin taruwar sun fito da alamar ɗebewa a gabansu. A GRASS in ka ga lamba ƙasa da sifili yana gaya maka ne wataƙila akwai ruwan da ke shigowa daga wajen taswirar wanda bai ƙirga ba. Wasu sai su danna akwatin nan na `Use positive flow accumulation` don hoton ya yi kyau, su rufe bakin mai gargaɗi.

Maman Sadik: Gaskiya ne, `abs` ɗin da na ba shi ɗazu ma don kallo ne kawai, yana ɓoye wannan. Baban Ummi ka koma asalin `accum` ka duba lambar bakin rafin naka, in da ɗebewa ka sauko da DEM ta maƙwabta ka haɗa, kar ka yanke da iyakar ƙaramar hukuma.

Baban Ummi: Na duba, ba ɗebewa, yankin bai taɓa bakin taswirar ba ta ko'ina, akwai tazarar kilomita kusan goma ta arewa. Kuma na yi yankan. Jama'a daga 1,900 ya koma 4,700! Tabkin ƙaryar ya ɓace, rafin ya biyo ta kwalbatin kamar yadda na san shi, yankin ya haura hayi har gindin wani dutse da muke zuwa cin ɗinya. Kenan 4,700 sau 900, murabba'in mita 4,230,000, hekta 423. Ashe fiye da rabin ruwan ta ramin siminti ɗaya yake shigowa.

Sabon Digiri: Na karɓi gyara Injiniya. Amma me ya sa ka sa `-s`? Na ga an ce wanda ke raba ruwa ta ɓangarori da yawa ya fi zama daidai.

Injiniya: Ya danganta da abin da kake nema. Da `-s` kowane fiksel yana duba maƙwabtansa takwas ya tura duk ruwansa ga wanda ya fi gangara, shi ne D8, tsohuwar dabara ce tun 1984. Aibinta a kan shimfiɗaɗɗen gangare takan zana layuka miƙaƙƙu a jere da juna waɗanda ba su da asali. In ba ka sa ba, GRASS yana raba ruwan ga duk maƙwabtan da ke ƙasa, hoton ya fi kama da yadda ruwa ke malala a gona, amma lambar sai ta zo da ɓurɓushi kuma ba za ta yi daidai cif da faɗin yankin da `r.water.outlet` ya zana ba. Shi yana son ƙirga faɗin ƙasa a bakin rafi guda, to D8 ta fi sauƙin tantancewa. Da zaizayar gona yake nazari da na ce ya cire.

Bahaɗeje: Ku dai kun ji daɗi kuna da tudu da gangare. Mu nan fadamar Haɗeja zuwa Nguru na gwada duk wannan, abin da ya fito ba ya kama da komai, rafuka miƙaƙƙu kamar layin dogo suna ratsa gari. Ƙasar a shimfiɗe take, sai ka yi kilomita ba ka sauka mita ɗaya ba, ita kuma SRTM lambobinta cikakkun mita ne ba ɗigo, 351, 351, 351, sai 350, to ta ina ruwa zai san hanya? Ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, bana ya bi nan baɗi ya bi can, sannan yawan ruwan ma ba saman da aka yi a wajenmu ba ne, abin da aka sako daga Tiga da Challawa ne. Ni dai na haƙura da ita.

Maman Sadik: Wajenku kam sai a hankali Malam. DEM ta Copernicus GLO-30 za ta ɗan fi, lambobinta suna da ɗigo kuma ta fi sabunta, tsakanin 2011 da 2015 aka ɗauki bayananta, ita kuwa SRTM tun Fabrairun 2000 ce. Amma ko ita kuskurenta a tsayi zai iya kai mita ɗaya ko biyu, in gangaren ƙasarka bai kai kuskuren ma'auninka ba to zane kawai kake yi. A fadama ni na fi yarda da hotunan tauraron ɗan Adam na Sentinel na watan Satumba in ga inda ruwa ya kwanta da idona. Baban Ummi kai ma ka sake yi da Copernicus ka kwatanta, in duka biyun suka ba ka kusan abu ɗaya hankalinka ya kwanta.

Baban Ummi: Na yi Hajiya, sai da na jira dare netwok ya yi ƙarfi. Da Copernicus bayan yanka kwalbatin 4,480 ya ba ni, wato hekta 403, bambancin duk a gefen yamma yake inda akwai wani lambun mangwaro da darbejiya.

Maman Sadik: To bishiyoyin ne, duka biyun suna ɗaukar saman itace da rufin gida a matsayin ƙasa, lambu mai duhu sai ya zama ɗan tudu ya karkatar da iyaka. Bambancin kashi biyar cikin ɗari ba abin damuwa ba ne, ka ce hekta 400 da ɗoriya.

Alhaji Sakatare: Assalamu alaikum, ni ne sakataren ƙungiyar da ake magana, Baban Ummi ya sa ni a nan in ji da kunnena. Ni ban san fiksel ba, tambayata ɗaya ce, ruwan zai cika mana tafkin ko ba zai cika ba? Mun yi niyyar mita 100 tsawo, 60 faɗi, zurfi mita 3.

Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji, barka da zuwa. Ramin da kuka faɗa in bangonsa a tsaye yake zai ci kubik mita 18,000 na ruwa, da yake dole a kwantar da gefensa sai ya dawo wajen dubu goma sha huɗu. Yanzu a ce an yi ruwa mai ƙarfi na milimita 60 a dare ɗaya, kuma kashi 30 cikin ɗari ne ya gudu, sauran ƙasa ta shanye:

```
4,230,000 × 0.06 × 0.3 = 76,140
```

Ruwan dare ɗaya ya cika tafkinku sau biyar. Don haka ranka ya daɗe cika ba ita ce damuwarku ba, damuwarku ita ce ina rarar za ta bi. In kuka tare bakin rafin da bangon ƙasa ba ku yi masa mafita mai faɗi da aka daɓe da dutse ba, ruwan zai haura ta kan bangon ya cinye shi cikin awa guda, kuma gari na ƙasa da shi. Da a kan hekta 171 ta farko aka yi lissafin mafitar nan, da an yi ta ƙasa da rabin yadda ya kamata. Ni shawarata kar a tare rafin, a haƙa tafkin a gefe, a ja masa ɗan lambatu daga rafin, in ya cika sauran ya wuce abinsa, yashi ma ba zai cike muku shi da wuri ba.

Na Maraɗi: Injiniya ban yarda da kashi 30 ɗin nan ba. In jigawa ce mai rairayi kamar tamu, ruwan farkon damina ko kashi 10 ba ya gudu, ƙasa ke shanye shi. In kuma fako ne da ya yi ɓawo, ya fi rabi. Lamba ɗaya ba za ta wakilci hekta 400 ba.

Injiniya: Ban musa ba, misali na bayar, DEM ba ta san rairayi da laka ba. Amma ko ka sa kashi 10, dubu ashirin da biyar ne, ya dai cika tafkin ya yi rara. Kuma mafita ba don ruwan Yuni ake yin ta ba, don na ƙarshen Agusta ne lokacin da ƙasa ta ƙoshi.

Na Maraɗi: A kan mafita na yarda. A kan ko ruwan zai kai su Afrilu ne nake shakka, zurfin mita 3 rana da iskar hunturu kaɗai za su iya ɗauke fiye da mita ɗaya, ban da wanda zai tsiyaye ta ƙasa in rairayi ne. Ni da na ce a rage faɗi a ƙara zurfi, kuma a haƙa ramin gwaji a ga ko akwai yumɓu.

Sabon Digiri: Amma kwalbatin fa? In ruwan hekta 250 duk ta rami ɗaya yake bi, ai ba zai wuce fiye da abin da ramin zai ɗauka ba, ko? Kenan titin yana rage ƙarfin ambaliyar.

Injiniya: Wannan tambaya ce mai kyau ƙanena, kuma haka ne, yana jinkirta shi, jimillar ruwan dai ba ta raguwa. Sai an auna bakin kwalbatin kafin a ce ga nawa. Baban Ummi in ka je ka tafi da tef, ka auna faɗi da tsayi, ka duba ko yashi ya cike rabinsa, ka kuma duba jikin bangon simintin akwai layin da ruwa ya bari da tarkacen kara da leda da suka maƙale, shi ne shaidar inda ya taɓa kaiwa.

Baban Ummi: Jama'a na dawo daga ƙauye jiya da daddare. Kwalbatin baki biyu ne, kowanne mita ɗaya da rabi faɗi, ɗaya yashi ya toshe shi saura kamar kamu biyu, layin ruwan kuma yana sama da bakin gaba ɗaya, wani dattijo mai gona a wajen ya ce shekaru biyu da suka wuce ruwa ya kwana biyu a gonarsa har gero ya kwanta, kenan tabkin da muka ce na ƙarya ne yakan zama gaske lokaci-lokaci. Na bi iyakar yankin da babur ina riƙe da taswirar a waya, ta gabas da kudu daidai take har na yi mamaki, kana tsaye kana ganin ƙasa ta rabu biyu. Amma ta yamma akwai sabuwar hanyar burji da aka yi bayan an ɗauki duka DEM ɗin biyu, an ɗaga ta kamar ƙugu, da lambatu a gefenta, kuma daga yadda yashi ya kwanta a lambatun kamar tana kwaso ruwan wata unguwa da ba ta cikin yankina tana kawowa rafinmu. Yaya zan sa wannan a lissafi?

Maman Sadik: Ka bi lambatun da GPS ka zana shi layi, ka yanka shi da `r.carve` kamar yadda ka yi wa kwalbatin, sai dai wannan dogo ne, ka tabbata ka zana daga sama zuwa ƙasa.

Injiniya: Ni ina ɗan jin tsoron hakan Hajiya, lambatun mita ɗaya in ka yanka shi a fiksel na mita 30 ka mai da shi kogi, zai kwashe duk ruwan gangaren alhali a babban ruwa cika yake ya haura hanyar. Gara ya fitar da yankin unguwar daban ya ga hekta nawa ne, ya ba Alhaji lamba biyu, da shi da babu shi. Baban Ummi lambatun na siminti ne ko na ƙasa, kuma ka ga alamar inda ruwa ya taɓa yanka hanyar?

Baban Ummi: Na ƙasa ne ranka ya daɗe, kuma akwai waje ɗaya da aka zuba buhunan yashi a gefen hanyar, ban tambayi dalili ba. Ranar Juma'a zan koma, in Allah ya sa aka yi ruwa zan tsaya a wajen in ɗauko muku bidiyo.